Katin naira, katin dala ko katin manhaja: wanne ya fi araha idan za ka biya dala 200 daga Sakkwato?

Duk wanda zai sayi kaya a kantin intanet na ƙasar waje, abin da ya fara yi shi ne ya duba farashin dala a waya, ya ninka da kuɗin kayan, ya ce ga abin da zan biya. Wannan lissafin bai taɓa yin daidai da alat ɗin da ke shigowa ba, kuma ba don an cuce shi ba ne. Farashin da Google ko shafin Babban Bankin Najeriya ke nunawa farashi ne na tsakiya, ko na manyan cinikayya tsakanin bankuna. Babu wanda zai sayar maka da dala 200 a kansa. Tsakanin wannan farashin da aljihunka akwai hannuwa biyu ko uku, kowanne yana ɗaukar nasa, wani a fili da sunan caji, wani a ɓoye cikin farashin canjin kansa.

Shi ya sa kwatanta caji da caji ba ya kai mutum ko'ina. Wata manhaja za ta ce ba ta cajin ko kwabo, alhali ta ɗora naira 60 a kan kowace dala. Wani banki zai rubuta cajinsa ƙarara, ka ji haushi, amma idan ka yi lissafi ka ga shi ya fi sauƙi. Ma'auni ɗaya ne ke aiki a kan kowace hanya: ka tara duk nairar da ta bar hannunka saboda wannan cinikin, ka raba da jimlar dalar da ke ƙasan rasit. Abin da ya fito shi ne ainihin farashin da dala ɗaya ta tsaya maka.

```
farashin gaskiya = duk nairar da ta fita ÷ jimlar dalar rasit
ƙari (%) = (farashin gaskiya ÷ farashin tsakiya − 1) × 100
```

Mu ɗauki mai gyaran waya a nan Sakkwato da ke son madubin nan mai ƙara girma da ake duba injin waya da shi, tare da na'urar hura zafi ta cire ƙananan sassa. Kayan dala 178, kuɗin aikowa dala 22, jimla dala 200. Farashin canji kullum yana motsi, don haka alƙaluman da zan yi amfani da su na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi; ranar da za ka biya sai ka sa na ranar. A ce farashin tsakiya naira 1,500 ne. Lissafin farko da ya yi a ransa ke nan: naira 300,000.

Katin naira na banki

Wannan ita ce hanyar da mutane da yawa suka cire rai da ita, kuma suna da dalili. A 2022 bankuna suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Zuwa ƙarshen 2022 farashin hukuma yana wajen naira 460, na kasuwar bayan fage kuma ya haura 700, don haka kowace dala da banki ya biya a madadinka a farashin hukuma kyauta ce ya yi maka. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, sannu a hankali tazarar ta tsuke, kuma a watan Yulin 2025 manyan bankuna suka fara sanar da cewa katin naira ya dawo aiki a kantunan waje, kowanne da iyakar da ya sa. Wanda har yanzu yake tafiya da shawarar 2022 yana iya biyan kuɗin da ba dole ba.

Yadda abin ke tafiya shi ne: kantin ya nemi dala 200 ta hanyar Visa ko Mastercard, bankinka ya biya da dalarsa, ya cire naira daga asusunka a farashin da shi ya yanke wa katuna a wannan ranar. Wannan farashin na banki ne, ba na Babban Banki ba, kuma ya sha bamban daga banki zuwa banki. A ce ya sa 1,545. Dala 200 ta zama naira 309,000. Ƙarin naira 9,000 ke nan, kashi 3 cikin ɗari, kuma ba za ka ga layi a sitatimen da aka rubuta "riba 9,000" ba. Yana cikin farashin. Wasu bankunan kan aiko da farashin katin ta imel ko su sa a manhajarsu kowace safiya. Idan naka ba ya yi, akwai dabara mai sauƙi: ka biya wani ƙaramin abu na dala 1 ko 2, ka raba abin da aka cire da dalar. Ka samu farashinsu na ranar.

Abu biyu ke ba mutane mamaki da katin naira. Na farko iyaka. Idan bankinka ya ƙayyade abin da za ka kashe a wata ko a wata uku, kuma ka riga ka ci wani abu daga ciki wajen biyan talla ko sabunta wata manhaja, cinikin dala 200 zai iya faɗuwa alhali asusunka cike yake. Na biyu shi ne cire kuɗi sau biyu. Lokacin da ka danna biya, kantin bai karɓi kuɗin ba tukuna. An dai riƙe masa su ne. Ainihin biyan yana zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku, wani kantin ma sai ranar da ya ɗora kayan. Wasu bankuna suna lissafi da farashin ranar biyan, ba na ranar riƙewa ba. Idan a tsakanin nan dala ta tashi daga 1,545 zuwa 1,560, sai ka ga wani alat na naira 3,000 ya shigo kana zaune a shago, ba ka sayi komai ba. Naira 15 sau 200 ke nan. Yadda za ka gane shi ne sunan kantin ɗaya ne da na cinikin farko, kuɗin ƙarami ne, kuma idan ka raba shi da dalar kayan zai yi daidai da motsin da farashi ya yi. Don haka kada ka sa 309,000 cif a asusun. Ka bar rarar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari har cinikin ya zauna.

A duba tambarin katin kuma. Verve kati ne na gida, ba kowane kantin waje ke karɓarsa ba.

Asusun dala da katinsa

A nan kai ne za ka nemo dalar, ka zuba a asusun da ake kira dom, kati ya biya dala da dala ba tare da canji ba. Kyawunsa ke nan: babu alat na biyu, babu farashin da wani zai yanke maka a bayan idonka. Amma dalar daga ina? Ga yawancin mutane a Sakkwato amsar ita ce wurin 'yan canji. Ka je ka ce, "Alhaji, dala nawa yau?" Ba zai amsa ba sai ya mayar maka da tambaya: "Malam, saye za ka yi ko saidawa?" Domin farashi biyu ne a bakinsa. A misalinmu yana saye a 1,510, yana sayarwa a 1,530. Duk wanda ya taɓa canjin sefa a Illela kafin ya tsallaka Birnin Ƙonni ya san wannan tazarar, kuma ya san ba a jayayya da ita, ita ce abincin mai canji. Banki da manhaja ma haka suke yi, sai dai su ba sa tambayarka, sun riga sun san saye ka zo yi.

Dala 200 a 1,530 naira 306,000 ce. A ido ta fi katin naira sauƙi da naira 3,000. Sai dai katin dala yana da kuɗin riƙo. Jadawalin cajin bankuna da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki a farkon 2020, ya sa dala 10 a shekara a kan katin kuɗin waje. Dala 10 a 1,530 naira 15,300 ce. Idan mai gyaran wayar nan wannan cinikin kaɗai zai yi a shekara, madubinsa ya tsaya masa naira 321,300, wato dala ɗaya a 1,606 da ɗoriya. Hanyar da ta fi kowacce araha a baki ta koma mafi tsada a aljihu. Idan kuwa kowane wata yana odar kayan gyara na dala 200, dala 10 ɗin ta rabu gida 12, kowane ciniki ya ɗauki naira 1,275, jimla 307,275. Dala ta dawo 1,536.

Daga nan za a iya fitar da iyakar da ke raba hanyoyin biyu. Tazarar da ke tsakanin farashin banki da na mai canji naira 15 ce a kowace dala. Kafin naira 15 ta biya 15,300, sai ka kashe dala 1,020 a shekara. Ƙasa da haka katin naira ya fi. Sama da haka asusun dala ya fara biyan kansa. Ranar da tazarar ta kai naira 40, iyakar ta sauko ƙasa da dala 400. Ranar da farashin banki ya yi daidai da na kasuwa ko ya gaza shi, asusun dala ba shi da wata riba ta fuskar kuɗi, sai dai ta fuskar iyaka, tunda yawanci abin da aka yarda ka kashe da shi ya fi na katin naira nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wahalar da ba ta shiga kalkuleta. Takardar dala ba ɗaya ba ce a wurin mai karɓar kuɗi a banki. Wadda ta yage a gefe, ko aka buga mata hatimi, ko ta sha gumi a aljihu ta yi laushi, ana iya turo maka ita ta ƙasan gilashi a ce ba za a karɓa ba. Ka koma wurin mai canji, shi kuma ya karɓe ta a farashin saye ko ƙasa da haka. Ka duba kowace takarda a gabansa kafin ka bar wurin, ka nemi sabuwar ɗari mai shuɗin zare. Ga kuɗin mai ko na kabu-kabu, ga layin banki da ranar Sakkwato, ga shago a rufe rabin yini. Don dala 200 sau ɗaya, ni dai ban ga abin da ya kai wannan zirga-zirgar ba.

Wanda lissafinsa ya bambanta shi ne mai samun dala da kansa: mai aiki ta intanet da ake biya daga waje, ko wanda ɗan'uwa ke turo wa. Shi ba a 1,530 dalar ta tsaya masa ba. Abin da ya rasa idan ya kashe ta shi ne abin da zai samu da ya sayar, wato 1,510. Dala 200 ɗinsa naira 302,000 ce. Babban kuskuren da irin wannan mutum zai yi shi ne ya canza dalarsa zuwa naira a 1,510, bayan mako guda ya biya da katin naira a 1,545. Ya zubar da naira 35 a kowace dala, naira 7,000 ke nan a ciniki ɗaya, don kawai ya zagaya ya dawo inda yake.

Katin dala na cikin manhaja

Lokacin da katin naira ya daina aiki, wannan ne ya rufa wa jama'a asiri, kuma har yanzu shi ne mafi saurin samu: ka buɗe manhaja, ka tura naira, a ba ka lambar kati cikin minti kaɗan. Sai dai a nan ne cajin ya fi rarrabuwa, ta yadda kowanne shi kaɗai ba ya kama da komai. Da farko farashin canjin manhajar, a ce 1,560. Sai cajin zuba kuɗi a katin, a ce kashi 1 cikin ɗari: don dala 200 ta zauna a kati sai ka sayi 202. Wannan naira 315,120 ke nan. Sai kuɗin buɗe katin, a ce dala 2, naira 3,120. Jimla 318,240, dala ɗaya ta tsaya 1,591, ƙarin kashi 6 cikin ɗari. A ciniki na biyu babu kuɗin buɗewa, sai ta sauko 1,575 da 'yan kwabbai, ƙarin kashi 5. Har yanzu ta fi katin naira tsada da naira 6,000 da ɗan kai.

Kuma ba a nan ya tsaya ba. Ba ka iya zuba dala 200 cif, domin wasu kantuna kan fara gwada katin da dala 1 kafin su cire kuɗin kaya, kuma wasu manhajojin suna cajin mutum idan ciniki ya faɗi saboda kuɗi bai isa ba, wasu ma su rufe katin idan abin ya maimaitu. Sai ka zuba 205. Ragowar dala 5 ɗin ko ta zauna a katin, ko ka mayar da ita naira a farashin sayen manhajar, wanda ke ƙasa da wanda ka saya. Wasu suna da cajin wata-wata. Kafin ka tura ko kwabo, ka buɗe shafin cajinsu ka nemi abu biyar ɗin nan: buɗewa, zubawa, riƙon wata, faɗuwar ciniki, da cirewa. Wanda ba a rubuta ba ka tambaya.

To yaushe ya dace? Idan iyakar katin nairarka ta cika, ko kantin ya ƙi karɓarsa. Sannan akwai wani amfani da nake ganin ya cancanci kashi 2 ɗin da ya ɗara: kantin da ba ka yarda da shi sosai ba, ko manhajar da ke sabunta kanta duk wata. Katin da dala 205 kaɗai ke ciki, iyakar abin da za a iya ɗauka ke nan. Katin naira kuwa a jikin asusunka yake, inda jarin shago yake kwance. Amma kada ka mayar da katin manhaja asusun ajiya. Manhajar ba ita ke buga katin ba, wani kamfani ne a bayanta, kuma a 2022 an ga yadda katunan manhajoji da dama suka tsaya a lokaci guda saboda mai buga musu ya dakata.

Idan kantin ya ce zai karɓi naira

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa, domin abu biyu ne masu kama da juna a fuskar waya amma ba ɗaya ba ne. Ka zo wurin biya, sai ka ga zaɓi: USD 200.00 ko NGN 318,000. Zuciya takan karkata ga naira, tunda ka ga adadin da idonka, babu fargabar alat na biyu. Kafin ka danna, raba: 318,000 a kan 200 ya ba da 1,590. Kantin ne, ko kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, ya yi maka canjin da farashinsa, kuma ya ɗora kashi 6. Bankinka da zai yi a 1,545. Natsuwar ganin naira ta ci maka 9,000. Abin kamar mai awo ne da ya ce ka bar tiyarka a gida, zai auna maka da tasa.

Wani ƙarin abin haushi shi ne biyan naira ga kantin waje ba lallai ya mayar da cinikin na gida ba. Idan bankin da ke karɓar wa kantin kuɗi a waje yake, bankinka zai iya lissafa shi a cinikin ƙetare, ya cire shi daga iyakarka, wani ma ya ɗora nasa. Mafi muni kuma shi ne ka bar kantin a kan naira ka biya da katin dala. Wannan yana faruwa da yawa ba da niyya ba, domin kantin ya ga kana Najeriya ya juya farashinsa zuwa naira da kansa. Bi lissafin: kantin ya mayar da dala 200 zuwa naira 318,000. Katinka ba ya da naira, sai Visa ko Mastercard su mayar da 318,000 zuwa dala a kusan 1,500, ya zama dala 212. Kai kuma kowace dala a katin manhaja ta tsaya maka 1,575.6. Jimla naira 334,000 da ɗan kai, a kan kayan da ka lissafa 300,000. Ƙarin kashi 11, canji uku a ciniki ɗaya, ba a ma sa cajin da wasu katunan ke ɗorawa idan aka biya da kuɗin da ba dala ba. Alamarsa a bayyane take: rasit ɗin kanti ya nuna naira, tarihin katin ya nuna dala 212 maimakon 200.

Amma ba kowane farashin naira ne tarko ba. Wasu manyan kantuna, musamman na China, sun haɗa kai da kamfanonin karɓar kuɗi na cikin Najeriya, ta yadda za ka biya da transfa ko ta manhajar kuɗi ta gida. A nan nairar da ka gani ita ce ƙarshe: babu iyakar kati, babu canjin banki, sai ɗan cajin transfa. Kuma wani lokaci farashin da suka yi amfani da shi ya fi na bankinka kyau. Gwajin dai ɗaya ne. Ka shiga saitin kantin ka juya kuɗin zuwa USD, ka rubuta jimlar, ka mayar NGN, ka rubuta, ka raba. Idan ya fito 1,520 alhali bankinka yana 1,545, ka biya naira ka huta. Idan ya fito 1,590, ka koma dala ka bar bankinka ya yi canjin.

Idan farashin ba dala ba ne

Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zai biya kuɗin buga takarda a mujallar Turai, ko kuɗin neman gurbin karatu a Birtaniya, zai ga yuro ko fam. A nan tsallaka biyu ne, domin galibi ana bi ta dala kafin a iso naira. A ce yuro 200, kuma yuro ɗaya dala 1.10 ce. Dala 220 ke nan, a farashin tsakiya naira 330,000. Idan katin ya ɗora kashi 2 a tsallakar farko, ta zama dala 224.40, a ninka da 1,545, naira 346,698. Ƙarin ya ɗan haura kashi 5, domin na biyun a kan na farkon yake hawa. Katin dala, na banki ko na manhaja, ba ya tserar da kai daga tsallakar farko. Na biyun kawai yake canzawa. Visa da Mastercard kowanne yana da shafin lissafin canji a intanet inda za ka sa kuɗin ciniki, da kuɗin katinka, da kason da bankinka ke ɗorawa, ya nuna maka abin da zai fito. Ga yuro zuwa dala shafin yana kusa da gaskiya ƙwarai. Ga dala zuwa naira kuwa farashin bankinka ne abin dogaro.

Idan kantin ya ba ka zaɓi tsakanin yuro da dala, ka yi masa irin gwajin da aka yi wa naira. Sau da yawa dalar da ya nuna canjinsa ce, da ribarsa a ciki.

Akwai abin da ke ƙaruwa tun kafin a zo canji, kuma mutane kan ɗora wa banki laifinsa. Tun 2022 manyan kamfanonin intanet na waje suke karɓar harajin VAT na kashi 7.5 daga masu saye a Najeriya. Mai sayar da takalma da jakunkunan fata da ya sa tallar dala 50 a Facebook, dala 53.75 za a nema daga katinsa. Idan ya raba alat ɗinsa da 50 zai ɗauka bankin ya sayar masa da dala a 1,660, alhali 1,545 ne. Koyaushe a raba da adadin da ke ƙasan rasit, bayan haraji da kuɗin aikowa. Kuɗin kwastan, idan ya hau kan kayan, shi lissafinsa daban ne, da naira ake biya bayan kaya sun iso.

Sai maganar mayar da kaya, wadda ke iya juya zaɓin gaba ɗaya. A ce madubin ya iso a fashe, kantin ya amince ya dawo da dala 200 cif. A katin dala, dala 200 za ta dawo ta zauna, ka sayi wani da ita ba ka rasa komai ba. A katin naira kuwa bankin zai mayar da ita naira, kuma wannan karon shi ne mai saye. Idan ya lissafa a 1,490, naira 298,000 za ka gani a madadin 309,000 da ka biya. Naira 11,000 ta tafi, ba kaya, kuma babu wanda ya yi maka ba daidai ba bisa ƙa'idarsa. Ga kayan da ake yawan mayarwa, ko kantin da ke yawan soke oda saboda kaya sun ƙare, wannan asarar tana iya cinye kusan duk ribar da katin naira ya ba ka a kan katin manhaja a ciniki biyu.

Idan aka jera misalin mai gyaran wayar nan: katin naira 309,000, asusun dala 321,300 idan sau ɗaya ne a shekara, 307,275 idan duk wata ne, 302,000 idan dalar tasa ce, katin manhaja 318,240 a karon farko, nairar kanti 318,000, haɗa nairar kanti da katin dala 334,000. Ni da zan ba shi shawara, tunda madubi ba kullum ake saye ba, sai in ce ya fara duba ko kantin na karɓar naira ta transfa, ya raba ya gani. Idan bai yi ba, ya juya kantin zuwa USD, ya tabbatar iyakar katin nairarsa ta ɗauki dala 200, ya bar naira 325,000 a asusun, ya biya. Katin manhaja ya zama na ko-ta-kwana. Ranar da odarsa ta gilasan waya da batura ta kai dala 100 a kowane wata, ya haura iyakar 1,020 ɗin nan, sai ya tafi banki da katin shaidarsa ya buɗe asusun dala.